Harafin i na Turkanci da abin da ya koya min a wajen aiki

Da yawanmu masu rubuta manhaja in za mu gwada rubutu biyu ba tare da kula da babban baƙi ko ƙarami ba, kawai sai mu maida duka zuwa ƙananan baƙaƙe mu gwada, shi ke nan. To wallahi wannan dabarar tana da iyaka, kuma a kan Turkanci na fara ganin iyakarta, wata manhaja da muke kula da ita ta ƙi aiki a kwamfutocin Turkiyya kaɗai alhali ko'ina lafiya lau take.

Su Turkawa i ɗinsu biyu ne. Akwai mai ɗigo, i, babbansa İ shi ma da ɗigon a kai, sai mara ɗigo, ı, wanda babbansa shi ne I ɗin da muka saba. Shi kuma Java in ka kira `toLowerCase()` ba ka faɗa masa yare ba, yaren da aka saita a na'urar yake ɗauka:

```java
"FILE".toLowerCase()            // tr: "fıle"
"FILE".toLowerCase(Locale.ROOT) // "file"
```

Ka ga "fıle" ba zai taɓa zama daidai da "file" ba, kuma abin haushin babu wani kuskure da zai fito a allo, gwajin ne kawai zai ce ba ɗaya ba ne ya wuce abinsa. Alamar ita ce kalmomi masu I ne kaɗai ke faɗuwa, sauran duk suna wucewa. In kana zargin haka ta da manhajar da `-Duser.language=tr` ka gani da idonka.

Amma fa kar a ɗauka `Locale.ROOT`, wato saitin da bai jingina da kowane yare ba, ya gama magana. Shi na rubutun da na'ura ke karantawa ne, sunan umarni, ƙarshen sunan fayil, irin su. Rubutun mutane daban yake. Ɗauki garin Diyarbakır, da manyan baƙaƙe DİYARBAKIR ake rubuta shi, duka i biyun suna ciki. In ka saukar da shi da `Locale.ROOT`, I ɗin ƙarshe zai koma mai ɗigo, İ ɗin farko kuma ya rabe biyu, i da wani ɗigo daban U+0307, har tsawon rubutun ya ƙaru da ɗaya, mutum yana neman garinsu a manhaja a ce masa babu. Nan dole sai `Locale.forLanguageTag("tr")`, shi ne zai ba ka diyarbakır daidai.

Shi ya sa yanzu kafin in rubuta gwajin nake fara tambaya, wannan rubutun na na'ura ne ko na mutum, in na mutum ne wane yare, kuma yaren rubutun nake nufi ba na kwamfutar da manhajar ke kai ba.

Mu ma fa ba mu tsira ba. `lower()` da `NOCASE` na SQLite daga A zuwa Z kawai suka sani, don haka ƘASA da ƙasa a wajensu ba ɗaya ba ne, haka Ɓ da Ɗ. Sai dai ka saukar da baƙaƙen a cikin manhajar ka ajiye a wani gurbi daban na bincike, ko ka haɗa SQLite ɗin da ICU, wato laburaren da ya san baƙaƙen harsuna daban-daban.