Abin Da Na Koya Daga Karanta Hotunan Batir Da Lokacin Amfani Da Waya Na Mako Guda

A cikin aikin nazarin ɗabi'un masu amfani da waya, akan roƙi mutane su riƙa ɗaukar hoton shafuka biyu na wayarsu kowace rana har tsawon mako guda: shafin batir, da kuma shafin da ke ƙididdige lokacin da fuskar waya ta yi a kunne. Wannan na biyun shi ne Screen Time a wayoyin iPhone, da Digital Wellbeing a yawancin wayoyin Android, kuma dukansu sun fito ne a shekarar 2018. Babban darasin da na koya daga wannan aiki shi ne cewa shafukan nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma duk wanda ya karanta ɗaya a madadin ɗayan zai jingina wa mai wayar ɗabi'ar da ba tasa ba.

Shafin batir yana jera manhajoji, kowace da kasonta cikin ɗari a gefenta. Ido yakan yi saurin kamo wadda ke sama, zuciya kuma ta yanke cewa a nan mutumin yake ɓata lokacinsa. Amma sau da yawa wannan kaso rabo ne daga cikin cajin da aka cinye a lokacin da ake dubawa, don haka girmansa ya dogara ne da abubuwa biyu: yadda manhajar take shan wuta, da kuma yawan abin da sauran manhajoji suka sha a ranar.

Bari in kawo misali irin wanda ake yawan cin karo da shi. A ce ranar Talata waya ta cinye maki 120 na batir, wato cikakken caji guda da ɗoriya, domin an sake jona ta da rana. Manhajar taswira ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari, manhajar hira kuma kashi 15. Idan aka mayar da su maki, taswira ta sha 30, hira ta sha 18. Da aka duba shafin lokaci sai aka ga taswirar ta yi minti 90 kawai a kunne, ita kuwa hira ta yi awa uku cur. Ke nan taswira tana shan maki 20 a kowace awa, hira tana shan 6. Dalilin a fili yake: taswira tana neman matsayin waya ta tauraron ɗan'adam ba tsayawa, tana sauke bayanai, kuma sau da yawa hasken fuskar waya yana ƙure saboda ana waje cikin rana. Wanda ya tsaya a shafin batir zai ce taswira ce ta cinye ranar, alhali mutumin ya ba hira ninki biyu na lokacin da ya ba ta.

Yanzu a duba Asabar ɗin wannan makon. Manhajar hira ta haye sama da kashi 45 cikin ɗari, ninki uku na kason Talata, kuma a nan ne ake saurin rubuta cewa mutumin yakan duƙufa a kan hira a ƙarshen mako. Sai dai duk abin da wayar ta cinye a ranar maki 40 ne, kuma kashi 45 na 40 shi ne 18, daidai da na Talata. Hirar ba ta ƙaru ba, sauran ayyukan ne suka ragu. Tun da na fahimci wannan, ba na kwatanta kason wata rana da na wata sai na fara ninka shi da jimillar abin da aka cinye, kuma hoton da aka yanke masa wannan jimilla nakan ajiye shi gefe, domin ba ya iya ɗaukar hukunci.

Akwai kuma cajin da ke tafiya ba tare da mai waya ya taɓa ta ba. Idan aka ga Background Activity a ƙarƙashin sunan manhaja, ma'anarsa tana aiki ne a ɓoye, kamar ɗora hotuna a ma'ajiya ko kunna sauti waya tana aljihu. Rashin ƙarfin sabis ma yana zuƙe batir, domin wayar tana ƙara ƙarfin sadarwarta don ta riƙe layi. Alamar hakan ita ce batir ya sauka sosai a awannin da shafin lokaci yake nuna kusan babu komai. Akasin haka ma yana faruwa: mai sauraron shirye-shirye na awanni da fuskar waya a kashe zai bayyana kamar wanda bai damu da waya ba.

Shi kansa shafin lokaci yana da nasa tarkon, kuma wanda ya fi damuna shi ne matsakaicin yini, saboda shi ne adadin da aka rubuta da manyan lambobi a sama. Mutumin da ya yi awa uku a kowace rana cikin kwana shida, sannan ya yi awa goma a ranar da ya yi doguwar tafiya, jimillarsa awa 28 ce, matsakaicinsa awa huɗu. Babu ko rana ɗaya da ya yi awa huɗu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a jera kwanakin bakwai daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wanda a nan awa uku ne, sannan a bayyana ranar tafiyar daban. Haka kuma wayar tana yanke rana ne da ƙarfe goma sha biyun dare, saboda haka zaman kallo guda da ya fara ƙarfe goma sha ɗaya ya ƙare ƙarfe ɗaya da rabi zai rabu gida biyu, ya ɓuya a cikin jimillar kwana biyu. Ba a ganinsa sai a zanen awa-awa, shi ya sa nake neman hoton kowace rana maimakon na mako kaɗai. Idan kuma an kunna Share Across Devices, lokacin wata na'urar da ke kan asusu ɗaya yana iya shigowa cikin lissafin, ko da wani ne daban yake riƙe da ita.

Ko bayan an gyara duk waɗannan, mako guda yana da iyakarsa. Kowace rana sau ɗaya take zuwa a cikinsa, don haka Asabar guda ba ta isa a ce ga yadda mutum yake yin Asabar ba. Abin da nake yarda in kira ɗabi'a shi ne wanda ya maimaitu a mafi yawan kwanakin, a kusan awa ɗaya, kuma shafukan biyu suka yi ittifaƙi a kansa, misali amfani mai yawa da ke dawowa tsakanin ƙarfe goma da sha ɗayan dare a kwana biyar ko shida. Ko shi ma nakan rubuta shi ne a matsayin abin da ya faru a wannan makon, musamman da yake wanda ya san ana jiran hotunansa yakan ɗan gyara zama.

Kafin in rubuta rahoto, nakan mayar wa mai wayar hotunansa in nuna masa wuraren da suka fita daban, in tambaye shi abin da yake yi a lokacin. Waya tana iya shaida cewa manhajar bidiyo ta yi awa biyu a kunne ranar Laraba da yamma, amma ko darasi ake kallo, ko nishaɗi, ko yaro aka miƙa wa wayar, wannan amsar a bakin mai ita take, kuma da ita nake cike gurbin da ke gefen kowane adadi a rahoton.