Yadda harafin k guda ɗaya ya koya mini ma'anar ergatif

A shekarata ta farko ta karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Gana da ke Legon aka ba mu aikin gida: jimloli na harshen Bask, wanda ake magana da shi a arewacin Sifen da kudu maso yammacin Faransa, aka ce mu gano tsarinsu. A lokacin abin da na haddace shi ne kalmar ergatif ta fito daga kalmar Girkanci mai nufin aiki. Sai na yanke hukunci cewa alama ce da ake maƙala wa duk wanda ya yi wani aiki. A cikin tirotiro, tsakanin Legon da Nima, na rubuta amsata, ina jin kaina gwani.

Da daddare na nuna wa yayata, wadda ta riga ni yin wannan darasi. Ta duba jimloli biyun farko. Ta ɗaya ita ce *Gizona etorri da*, wato mutumin ya zo. Ta biyu *Gizonak mutila ikusi du*, mutumin ya ga yaron.

Ta ce, "Ƙanena, zuwa ba aiki ba ne? To ina k ɗin a jimlar farko?"

Na ce, "Yaya, wataƙila mantuwa aka yi wajen bugawa." Ta yi dariya har ta kusa ɓarar da kokonta.

Sai ta sa na ajiye Bask, na rubuta jimloli uku da Hausa: na zo, na ga Audu, Audu ya gan ni. A nan abin ya fara buɗe mini. Matsayi uku ne, ba biyu ba kamar yadda muka saba cewa aikau da karɓau. Akwai wanda yake shi kaɗai tare da aikatau ƙi-karɓau, kamar mai zuwa ko mai barci. Akwai mai yi wa wani abu, kamar mai gani. Akwai kuma wanda abin ya faɗa a kansa. Masanin harshe R. M. W. Dixon yana kiransu S, A da O, kuma da waɗannan haruffa za ka riƙa cin karo a littattafai.

Tambayar kawai ita ce, wannan na farkon da wa yake kama? A Hausa, "na" ɗin "na zo" shi ne na "na ga Audu", "ni" kuwa yana gefe shi kaɗai. Ke nan mai zuwa da mai gani riga ɗaya suka sa. A Bask kuwa mai zuwa *gizona* ne, wanda aka gani *mutila* ne, dukansu babu k. Mai gani ne kaɗai ya zama *gizonak*. Wannan siffa ta musamman ta mai yi wa wani abu ita ce ergatif, wadda sauran biyun suka yi tarayya a kanta kuma ana ce mata absolutif. Da Hausa haka take, da "ni" ɗin "ya gan ni" shi zai fito idan zan ce na zo, "na" kuma sai in na taɓa wani.

Na ɗauka na gama, ashe akwai rami a gaba. Jimla ta biyar ta ce *Gizonak etorri dira*. Ga k, ga zuwa. Na ce shi ke nan, ƙa'idar Yaya ta rushe. Ta ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe. Ɗazu *da* ce, yanzu *dira*. Ma'anar ita ce mutanen sun zo. Ɗafa-ƙeyar *-ak* tana aiki biyu: ergatif na tilo, da absolutif na jam'i. In mutane da yawa ne suka ga yaron, *gizonek* za a ce. Tun daga ranar ba na yanke hukunci a kan suna sai na duba aikatau. Mu ma a zango mun san wannan matsala ta wata fuska, tun da yawancinmu "ya zo" muke ce wa mace da namiji, sai sauran magana ta raba gardama.

Wani abin da ya ruɗa abokan karatuna shi ne irin "ya fasa tulu" da "tulu ya fashe". Wasu littattafan nahawun Turanci suna kiran aikatau masu irin wannan hali ergatif, kuma a ganina sunan ruɗani kawai yake kawo wa ɗan koyo. Tulun da ya fashe ya ɗauki "ya", daidai da wanda ya fasa shi, saboda haka Hausa ba ta sauya tsari ba.

Kuma harshe ba lallai ya bi tsarin a ko'ina ba. Hindi tana sa *ne* bayan mai yi wa wani abu idan aikin ya kammala, amma in yana cikin yi babu ita. Shi ya sa da aka ba mu jimlolin Hindi daga baya, sai da na ware su gida biyu, kammalallu da waɗanda ba su kammala ba, kafin na jera ukun nan nawa: ya zo, ya gani, an gan shi.