Abin da sifirin ya koya mini a ɗakin gwaje-gwaje

A cikin darussan kimiyyar lissafin motsi da nake koyarwa a wata sakandare a Kumasi, babu wanda ke tona asirin fahimtar ɗalibi kamar kai-komon ƙarfen da aka rataya a jikin sifirin. Idan na tambayi aji abin da zai faru da lokacin kai-komo ɗaya in an ninka nauyin ƙarfen, kusan kowa sai ya amsa cewa lokacin ma zai ninka. Awo ba ya goyon bayan wannan amsa.

Tushen maganar shi ne ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wato ƙarfin da sifirin ke jan abu da shi yana ƙaruwa daidai da yadda aka miƙar da shi, kuma kullum yana jan abin ne zuwa wurin hutawarsa. Ana rubuta ta F = -kx, inda F ke nuna ƙarfin jan, x ke nuna miƙewar, k kuma taurin sifirin. Don gano k, muna rataya ƙarfe mai giram 200, mu bar shi ya natsu, sannan mu auna miƙewar. A ce ta kai santimita 8. Jan ƙasa a kan ƙarfen shi ne kilogiram 0.2 sau 9.8, adadin jan ƙasa a kan kowane kilogiram, wato Niyuton 1.96, kuma idan aka raba wannan da mita 0.08 za a sami k daidai da Niyuton 24.5 a kowace mita.

Lokacin kai-komo ɗaya kuwa, daga ƙasa zuwa sama a dawo ƙasa, shi ne T = 2π√(m/k), inda m ke nuna nauyin ƙarfen a kilogiram. Ga ƙarfenmu mai giram 200 lissafi yana ba da daƙiƙa 0.57. Hannun mutum ba zai iya kama irin wannan ɗan lokaci da agogo ba, shi ya sa muke ƙirga kai-komo 20, mu sami kusan daƙiƙa 11.4, sannan mu raba. Da giram 400 lokacin yakan tashi zuwa daƙiƙa 0.80 kacal, kuma sai an kai giram 800, ninki huɗu ke nan, kafin ya ninka ya zama 1.14. Tauri yana aiki ne a kishiyar haka, domin sifirin da ya fi namu tauri sau huɗu zai rage lokacin zuwa rabi. Duk wanda ya hau motar haya daga Aboabo zuwa Kejetia ya ji wannan a jikinsa: idan babu fasinja takan yi tsalle da sauri a kan gargada, idan ta cika kuwa sai lilon ya yi sanyi, alhali sifirin bai canza ba.

Abin da ɗalibai suka fi jinkirin yarda da shi shi ne cewa nisan da aka ja ƙarfen ba ya shiga lissafin. Ko an ja shi santimita 1 ko 3, lokacin ɗaya ne, saboda idan tafiyar ta yi tsawo, jan sifirin ma yakan ƙaru daidai gwargwado, sai ƙarfen ya ci nisan da ƙarin gudu. Amma wannan yana da iyaka. Idan aka ja shi fiye da santimita 8 ɗin da ya miƙe tun farko, zoben sifirin sukan haɗe a sama, ƙarfen ya yi tsalle ya karkace. Idan kuma aka ɗora masa nauyin da ya wuce ƙarfinsa, ba zai koma tsawonsa na asali ba, don haka nake sa a auna tsawonsa kafin gwaji da bayansa.

Darasin da na fi daraja shi ne na giraf. Idan aka zana T² a kan m, ana samun miƙaƙƙen layi mai gangara 4π²/k, wadda a namu misalin ta kai kusan 1.61. Sai dai layin ba ya bi ta sifili, kuma ɗalibai da yawa sukan lanƙwasa shi da gangan don su faranta wa malami, abin da a ganina ya fi kuskuren awo muni. Dalilin kaucewar shi ne sifirin ma yana da nasa nauyin, kuma yana motsi tare da ƙarfen. Zoben da ke ƙasa suna tafiya sosai, na sama kuwa kusan a tsaye suke, saboda haka kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ne kawai ake ƙara wa m. Sifirin mai giram 30 yana ƙara giram 10. A kan ƙarfe mai giram 200 wannan yana mai da 0.57 zuwa 0.58, bambancin da agogo da ƙyar yake gani, amma a kan mai giram 50 lokacin yakan tashi daga 0.28 zuwa 0.31, kusan kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa a aji muke ciro k daga gangarar layin, wadda nauyin sifirin bai taɓa ba, sannan mu miƙa layin baya har ya yanke layin m a ƙasa da sifili, mu karanta giram 10 ɗin a wurin, mu ɗora sifirin a sikeli mu duba ko giram 30 ne.