Wa Ke Riƙe da Makullin Asusun: Yadda Na Tsara Biyan Haya da Kuɗin Makaranta

Albashina wata-wata yake shigowa, amma mai gidan da nake haya a Kaduna shekara-shekara yake karɓar kuɗinsa, naira 720,000 a dunƙule, farkon watan Maris. Makarantar yarana biyu kuwa zango-zango ne, naira 85,000 kowane yaro. Shekaru na yi ina fama da wannan saɓani: wata tara ina jin kaina mai kuɗi, wata uku ina bin abokai da "don Allah ka ranta mini". Da na gaji, sai na yanke shawarar banki ya riƙa biya da kansa.

Hanya biyu na tarar. Ta farko ita ce wadda za ka gani a manhajar banki da sunan standing order. Kai ne kake bai wa bankinka umarni: ranar kaza ga kowane wata, tura naira kaza zuwa asusu kaza. Wanda ake tura wa ba shi da ta cewa, ba ma lallai ya san ka kafa ba. Ta biyu ita ce direct debit, kuma a nan abin ya juya. Kai kake sa hannu a kan takardar izini, su kuma masu karɓar kuɗin su ne za su miƙo hannu su cira daga asusunka. A ta farko turawa ake yi, a ta biyu jawowa ake yi. Na ɗauka bambancin na suna ne kawai, sai da kowaccensu ta gwada mini halinta.

Da umarnin turawa na fara, kuma kai tsaye na nufi asusun makaranta: naira 170,000, sau uku a shekara. Zangon farko lafiya lau. A zango na biyu sai ga babbar 'yata ta dawo gida da takarda, wai ana bin mu bashi. Na ɗauki waya da shaidar biya na tafi wurin akantan makarantar a fusace. Ya duba, ya ce, "Malam, kuɗinka sun shigo, amma ba mu san na wane yaro ba ne." Ashe a gurbin bayani ban rubuta komai ba sai "kuɗin makaranta", sunan da ke kan asusuna kuma ba shi ne sunan da yaran ke amfani da shi ba. Sannan ya ƙara da cewa an yi ƙarin naira 10,000 a kan kowane yaro, an sanar a taron iyaye da ban je ba. Banki bai san da wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da na faɗa masa a Satumba shi ya ci gaba da yi a Janairu. Duka laifina ne, na haɗiye fushina na cika 20,000.

Shi akantan ne ya ba ni shawarar in koma izinin cira, tunda makarantar tana da tsarin ta hannun wani kamfanin karɓar kuɗi. Na cika fom a waya, na saka lambar asusu, aka ce in tura naira 50 daga wannan asusun don a tabbatar ni ne mai shi. A Najeriya irin wannan izini ta hannun NIBSS yake bi, cibiyar da ke haɗa bankuna wajen biyan kuɗi tsakaninsu. Akwai gurabe uku a fom ɗin da na wuce su da sauri kamar ana kora ta: ko adadin tsayayye ne ko mai canzawa, iyakar abin da za a iya cira, da ranar da izinin zai ƙare. Na zaɓi mai canzawa, na bar iyakar da suka riga suka rubuta, wadda ta kusa ninka kuɗin zango.

Farkon sabuwar shekarar karatu na gane kurena. Kuɗin zangon farko ba kuɗin karatu ba ne kaɗai, akwai littattafai, kayan wasanni da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Suka haɗa duka naira 262,000, suka turo saƙon sanarwa ta imel ɗin da ban cika buɗewa ba, suka nemi cira ranar 8 ga Satumba. Abin da ke cikin asusun bai kai ba. Cirar ta faɗi, banki ya yanke mini tarar naira 5,000, washegari kuma makaranta ta kira ni, domin su nan take suke ganin wanda cirarsa ba ta yi ba. Wannan wani bambanci ne da ban yi tunaninsa ba. In umarnin turawa ya faɗi saboda babu kuɗi, shiru kake ji, sai ka duba da kanka ko mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. In izinin cira ya faɗi, akwai tara, akwai kuma mai kira.

Ban ce makarantar ta zalunce ni ba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta ɗora wa mai cira ya sanar da mai asusu kafin ya canza adadi ko rana, kuma sun sanar. Ni ne na ba da makulli ban duba ƙofa nawa yake buɗewa ba.

Haya kuwa ban ma samu zaɓi ba. Mai gidanmu dattijo ne, ba shi da kamfani, ba shi da rajistar da zai iya cira daga asusun wani, kuma ko da yana da ita ba zan so ba. Na taɓa roƙonsa ya karɓi 60,000 duk wata. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in ka ba ni a gutsure, a gutsure zan cinye, ba zan ga abin da na yi da su ba." Ban ƙara tayar da maganar ba.

Maganar tasa ce ma ta nuna mini inda matsalar take. Biyan ba shi ne wahala ba, tara kuɗin ne. Sai na buɗe asusun ajiya na biyu, ban karɓi katin cirar kuɗi a kansa ba, na mayar da umarnin turawa can. Kamar adashi ne, sai dai ni kaɗai ne a ciki. Haya 60,000 a wata. Makaranta na haɗa zango uku a sabon farashi, 570,000, da kusan 72,000 na kayan zangon farko, na raba gida 12, ya ba ni 53,500. Jimla 113,500 ke fita duk wata kafin in gan su.

Ranar ma sai da na gyara. Da farko 25 ga wata na saka, don ranar aka saba biyanmu. Wata ɗaya albashi ya makara zuwa 29, umarnin ya zo ya tarar da asusu fayau, ya wuce abinsa bai sake gwadawa ba, ni kuma ban lura ba sai bayan mako uku. Yanzu 2 ga wata na saka, kuma in ban ji alat ba ranar 3, ina dubawa.

Izinin cirar makaranta ban watsar da shi ba, domin yana da amfanin da umarnin turawa ba shi da shi: kuɗin na shiga da lambar kowane yaro, rasit na zuwa ba tare da na taka ƙafa ba. Soke tsohon na yi, a rubuce, a banki da kuma makaranta, don kada ɗaya ya ce bai sani ba. Na kafa sabo a kan asusun ajiyar, iyakarsa 200,000 a cira ɗaya, ƙarshensa Yuli. Littattafai da sauran tarkace da hannuna nake biya, bayan na ga jerinsu. Haya ma da hannuna nake turawa a ƙarshen Fabrairu, bayan na kira dattijon mun gaisa na ji ko akwai ƙari. Bana ya ce 800,000 ne daga baɗi, don haka tun a Maris na mayar da 60,000 ɗin 67,000.