Mako na biyar da solfa: shirun ma ƙidaya shi ake yi

'Yan'uwa masu koyo, a makon nan na ajiye d r m f s l t gefe, tunda kunne ya fara sabawa da su. Alamomin da ke tsakanin haruffa na sa a gaba, domin yawancin 'yan kwayarmu takardar kalmomi kawai suke riƙewa, ni ce zan nuna musu inda za su shiga da inda za su dakata.

Ga layin da na rubuta don gwaji, bugu uku a kowane ɗaki, wato tsakanin layi a tsaye da na gabansa, kalmominsa "Mu tashi yau, mu je":

```
:s, | d :- :r | m :- :  |  :  :m | r :- ||
```

Layi a tsaye yana gaban bugu mai ƙarfi, ɗigo biyu kuma gaban mara ƙarfi. Da yake an fara da ɗigo biyu, "Mu" a bugu na uku yake shigowa. Sai in ƙirga ɗaya, biyu da hannu, su shiga a uku. A takarda na rubuta 3 a saman "Mu", na ja layi ƙarƙashin "ta", "yau" da "je", gaɓoɓin da suka faɗa kan bugu mai ƙarfi.

Inda na sha wuya shi ne bayan "yau". Gajeren layin nan da ke kwance yana nufin a riƙe sauti, saboda haka "yau" bugu biyu ne cif. Gurbin da aka bari ba komai a ciki, shi ne shiru. Ku ƙirga: ɗaya a ƙarshen ɗakin "yau", biyu a farkon na gaba, shiru uku ke nan kafin "mu je". A gwajin ranar Alhamis biyu na ƙirga, don idona ya tsallake gurbin farko. Sofrano suka bi hannuna suka shigo da wuri, mai molo kuwa yana kan daidai, "je" ya sauka kafin bugunsa mai ƙarfi. Da haka na gane kuskuren daga wurina yake.

Yanzu bayan "yau" ina zana ƙananan da'ira uku da jan biro, kowace ɗaya bugun shiru. Wurin jan numfashi kawai, inda ba a tsayar da ƙidaya, ƙaramin layi a karkace nake sawa. Kada ku ba su alama ɗaya, masu bes za su zauna jira inda ba jira.

Idan takardar solfa hoto ce da aka yi ta maimaitawa, ɗigo yakan goge. Kowane cikakken ɗaki mai bugu uku dole a ga ɗigo biyu sau biyu a cikinsa. In kun ga sau ɗaya, ku cike da fensir kafin ku ƙirga.

Mako mai zuwa zan shiga ɗigo ɗaya, mai raba bugu gida biyu, don alto ɗinmu suna da shiga a rabin bugu.