Abin da aikin jerin hotuna ya koya mini game da bayanin da ake rubutawa a ƙasa

Aikina shi ne shirya saƙonnin wayar da kai kan lafiyar yara a wani shafin Instagram na Hausa, kuma mafi yawan abin da muke wallafawa jerin hotuna ne, wato irin wallafar da mutum yake jan hoto da yatsa zuwa hagu domin ya ga na gaba. Instagram ya buɗe wa kowa wannan tsari a shekarar 2017 da hotuna goma, sannan ya ƙara adadin zuwa ashirin a 2024. Masu zane sukan ɓata sa'o'i a kan hotunan, amma bayanin da ke ƙarƙashinsu sai a rubuta shi a gurguje a minti na ƙarshe, galibi ta hanyar kwafe abin da ke cikin hotunan a sake liƙa shi. Babban abin da na fahimta a wannan aiki shi ne cewa bayanin ƙasa yana da nasa aikin daban: shi ne yake gaya wa mai karatu inda kowane abu yake a cikin jerin, da dalilin da zai sa ya adana shi, da kuma mutumin da ya kamata ya tura wa.

Wurin da marubuci yake da shi bai kai yadda ake zato ba. Instagram yana karɓar bayani har haruffa 2,200, amma abin da yake fitowa kafin a yanke rubutun da kalmar "more" bai wuce kimanin haruffa 125 ba, kuma a ƙaramar waya yakan gaza haka. Mu Hausawa mun saba fara magana da sallama da gaisuwa, kuma a zance hakan ladabi ne, amma idan aka buɗe bayani da sallama da fatan alheri ga mabiya shafi, to wurin da ido zai gani ya ƙare tun ba a faɗi komai ba. Ni ban daina sallama ba, sai dai na gajarta ta, ko in mayar da fatan alherin zuwa ƙarshe, in bar layin farko ga abin da mai karatu zai samu.

Misalin da ya fi bayyana mini wannan shi ne jerin hotuna bakwai da muka shirya kan ruwan gishiri da sukari ga yaron da yake gudawa. Hoto na farko take ne. Na biyu yana ɗauke da ma'auni: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, tare da tunatarwa cewa idan ana da garin ORS na leda shi ya fi, haɗin gida na lokacin da babu shi ne. Na uku yana nuna wanke hannu da tafasa ruwa da zubar da abin da ya wuce awa 24. Na huɗu yana bayanin yadda ake ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa, da cewa idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Na biyar kan ƙwayar zinc ne, wadda ake bayarwa tsawon kwana 10 zuwa 14. Na shida alamomin haɗari ne, irin su jini a bayan gida, da kasa shan ruwa ko nono, da faɗawar idanu, da yawan kasala. Na bakwai ya tattara komai a wuri guda.

Ga bayanin da muka sa a ƙarƙashinsa:

"Yaro yana gudawa kuma babu ORS a gida? Ma'aunin gishiri da sukari yana hoto na 2, alamomin zuwa asibiti suna na 6.

Hoto na 3 ya nuna yadda ake haɗawa, na 4 yadda ake ba yaro ko da yana amai. Kada a tsaya a hoto na 2, domin ruwan gishiri da sukari ba ya maye gurbin asibiti idan ɗaya daga cikin alamomin hoto na 6 ta bayyana.

A adana wannan, domin gudawa takan fara ne da dare, lokacin da ba za a iya neman ma'auni ba. Idan akwai mai goyo a gidanku, a tura mata."

Layin farko bai ce "ja hoton ka gani" kawai ba, ya ambaci lambobi biyu. Wannan yana da dalili. Mutum ba ya jan hoto bakwai don an umarce shi, amma idan ya san cewa amsar da yake nema tana wuri kaza, zai ja har ya kai, kuma a hanya zai ga sauran. Ambaton hoto na 6 tun a layin farko shi ne yake jan mai karatu ya ratsa tsakiyar jerin, inda aka fi yawan watsar da shi. Akwai masu ɓoye amsa gaba ɗaya su ce "na ƙarshen zai ba ka mamaki", kuma wataƙila hakan yana ƙara yawan masu ja a shafukan nishaɗi, amma a saƙon lafiya ina ganin rashin adalci ne a sa uwar da ɗanta ke kwance ta yi ta lalube. Sharaɗin wannan tsari shi ne a rubuta lamba a jikin kowane hoto, kamar 2/7, domin ɗige-ɗigen da ke ƙasan hoto ba wanda yake ƙirga su.

Ban jera duk hotunan bakwai a cikin bayanin ba. Na biyar da na bakwai ba su samu ambato ba, saboda suna bayyana kansu, kuma bayanin da ya lissafa komai ɗaya bayan ɗaya yakan sa mutum ya ji ya riga ya karanta jerin, ya wuce ba tare da ya ja ko hoto ɗaya ba. Ana nuna wuraren da mai karatu zai iya yin kuskure ko ya tsaya da wuri ne, a bar sauran.

Wani abin da ya canza yadda nake rubutu shi ne bayanin da shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya yi a 2024, cewa idan mutum ya ga jerin hotuna bai ja ba, manhajar takan sake nuna masa wallafar daga hoto na biyu. Ma'anar wannan ita ce layin farko na bayani zai iya fitowa a ƙarƙashin hoto na farko ko na biyu, don haka dole ya dace da dukansu. Bayanin da ya fara da "kamar yadda kuke gani a wannan hoto" ya lalace da zarar an sake nuna shi a wani hoton. Shi ya sa muka sa ma'auni a hoto na biyu, domin ko wanda ya fara daga nan ya sami abin da ke tsaye da ƙafarsa.

Adanawa da turawa kuwa na daɗe ina ganin ana haɗa su a jimla ɗaya, alhali dalilansu daban ne. Mutum yana adana abin da zai sake buƙata da kansa, kamar ma'auni ko jerin matakai ko farashi, yana kuma tura abin da ya tuna masa da wani. Saboda haka roƙon adanawa yana buƙatar a ambaci lokacin da za a buƙaci abin, shi ya sa muka ce da dare. Roƙon turawa kuma yana buƙatar a ambaci mutum. "A yaɗa don wasu su amfana" jimla ce da ido ya saba da ita har ba ya ganinta, amma "mai goyo a gidanku" takan sa fuskar ƙanwa ko matar wa ta faɗo wa mutum a rai. Roƙo biyu shi ne iyaka a wurina, kuma sau da yawa ɗaya ya isa. Idan aka tara neman danna alamar so da sharhi da bibiya da adanawa da turawa a layi guda, mai karatu ba ya yin ko ɗaya. Akwai kuma salon da ya yaɗu a shafukanmu na haɗa mutum da Allah ko ce masa kada ya wuce bai tura ba. Ban da nauyin da yake ɗora wa mutane ba gaira ba dalili, kamfanin Facebook ya sanar tun a 2017 cewa yana rage yaɗuwar wallafar da ke farautar danna-danna da irin wannan matsi.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne cewa bayanin ƙasa ba ya bin hoto zuwa ko'ina. Masu karatunmu da yawa ba sa danna alamar turawa, sukan ɗauki sikirinshot na hoto ɗaya su sa a WhatsApp, a Status ko a zauren dangi. Daga nan hoton ya rabu da bayaninsa da kuma sauran 'yan'uwansa shida. Idan hoton ma'auni ya yi tafiya shi kaɗai, gargaɗin asibiti da ke cikin bayani ya zauna a baya. Don haka duk maganar da rashinta zai iya cutar da wani dole ta hau jikin hoto, kuma wannan ne amfanin hoto na bakwai, wanda ya haɗa ma'auni da alamomin haɗari da sunan shafi. A wasu wallafe-wallafen har mukan rubuta a bayani cewa wanda zai ɗauki hoto ɗaya ya ɗauki na ƙarshe. Dole kuma a duba cewa salon harafin da mai zane ya zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, domin da yawa ba su da su, sai akwati ya fito a wurin harafin ko a maye shi da wani mai siffa daban.

Wajen auna sakamako, ɓangaren Insights yana nuna yawan waɗanda wallafa ta kai gare su da yawan adanawa da turawa. Adadin shi kaɗai yana ruɗarwa, sai an raba shi da yawan waɗanda suka gani. A ce wallafa ta kai ga mutum 4,000 aka adana ta sau 120, wato kashi 3 cikin ɗari, wata kuma ta kai ga 20,000 aka adana ta sau 200, wato kashi 1 cikin ɗari. Ta farkon ce ta fi yin aikinta duk da ƙarancin adadinta. Idan so ya yi yawa amma adanawa ta yi kaɗan, galibi hoton farko ya yi kyau ne, cikin kuma babu abin komawa. Idan ana tambaya a sharhi abin da amsarsa ke hoto na huɗu, to bayanin bai kai mutane can ba. Sikirinshot ba ya shiga wannan lissafi, saboda haka adadin turawa a shafin Hausa yakan gaza abin da ya faru a zahiri.

Ana iya gyara bayani bayan an wallafa, amma ba a iya sauya rubutun da ke jikin hoton da ya riga ya hau, sai dai a goge hoton. Idan aka goge ɗaya daga tsakiya, lambobin da ke jikin sauran da waɗanda bayani ya ambata duk sun goce, hoto na 6 ya koma na 5 alhali yana ɗauke da 6/7. Shi ya sa yanzu nake rubuta bayanin kafin mai zane ya kammala, mu daidaita lambobin tare, sannan in buɗe jerin a ƙaramar waya in bi kowace lamba in tabbatar ta kai ni inda ta ce kafin a danna wallafa.