Talata: fasfon Kawu

Da hantsi Kawu ya aiko a kira ni. Yana shirin Umara, fasfonsa kuma ya ƙare. Na tarar ɗansa ya riga ya buɗe wani shafi a waya, suna jiran in duba kafin su tura kuɗi.

Shafin ya sha ado, ga kore-fari-kore, ga tambarin ƙasa mai dawakai biyu. Shi ne na farko da Google ya kawo musu, amma a samansa an rubuta Sponsored da ƙananan baƙaƙe, wato talla ce aka biya don ta hau gaba. Na taɓa wurin adireshi don ya fito gaba ɗaya, sai ga shi ya ƙare da .com. Kalmar immigration tana ciki, ita ce ta ruɗe su.

Na ce, "Kawu, tambari kowa na iya kwafa. Ku duba wutsiyar adireshin, daidai kafin sandar nan ta farko (/). In ba .gov.ng ba ce, ba shafin fasfo na gwamnatin Najeriya ba ne, don hukumomin gwamnati kaɗai ake ba wa ita."

Ya ce, "To ai sun ce za su yi min da sauri, ɗana."

Abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Sun ɗora kuɗin aikinsu a kan na gwamnati, sun ce a tura zuwa asusun wani mutum, a aiko da rasit da lambar NIN ta WhatsApp. Ko masu gaskiya a cikin irin waɗannan 'yan tsakani, fom ɗin gwamnati dai za su cike maka. Ɗaukar hoto da zanen yatsu a ofis kuwa, Kawu ne zai je da ƙafarsa. Ga kuma bayanan dattijo sun koma hannun wanda bai sani ba.

Muka rufe, na rubuta passport.immigration.gov.ng da hannuna. Da muka sa NIN, sunansa da ranar haihuwarsa suka fito da kansu daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN. A nan muka daɗe, muna gwada kowane harafi da na tsohon fasfon, domin in suna ya saɓa, sai an fara gyarawa a NIMC kafin a ci gaba. Alhamdulillahi, komai ya yi daidai. Hotonsa ne ya ba mu wuya, sai da ya cire tabarau ya tsaya jikin farin bango.

Kuɗin ya fito a allo kafin biya: naira 100,000 na mai shafi 32, shekara biyar, farashin da aka fara a Satumbar 2025. Muka biya da katinsa a cikin shafin, muka zaɓi ofis da ranar zuwa. Bayan La'asar na je shagon kwamfuta na buga masa rasit da takardar ranar, kwafi bibbiyu.